An Rubuta Dubu Ɗari Biyu, An Turo Dubu Ɗari da Casa'in: Nawa Ne Ainihin Kuɗin Ruwan?

A ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, wanda yake so ya ƙara kaya kafin kasuwar Sallah ta buɗe. Ya je wani kamfanin ba da rance ya nemi Naira 200,000, aka ce masa kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 ne a wata, zai biya cikin wata 6. Ya cike fom, ya kawo mai tsaya masa, ya sa hannu. Washegari saƙon banki ya shigo wayarsa, sai ya ga Naira 190,000. Da ya kira ofishin, aka tuna masa da wani layi a shafi na biyu na takardar: kuɗin ɗawainiya kashi 5 cikin 100, wanda ake cirewa tun kafin a tura kuɗin.

Yawancin masu karɓar rance a nan suke tsayawa. Su yi ɗan tsaki, su ce dubu goma ce ta tafi, su ci gaba da harkokinsu. Amma wannan dubu goman tana yin aiki biyu a lokaci guda. Na farko, kuɗi ne da suka fita daga aljihun mai karɓa kamar yadda kuɗin ruwa ke fita. Na biyu, ta rage abin da ya shigo hannunsa, alhali bashin da aka rubuta a kansa bai ragu da ko kwabo ba. Zai biya uwar kuɗi Naira 200,000 cif, kuma za a lissafa masa ruwa a kan dukkansu, har da dubu goman da bai taɓa gani ba. Saboda haka kashi 3 ɗin da aka faɗa masa ya daina bayyana tsadar rancen tun daga ranar farko.

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce a fara da rancen da ake biya gaba ɗaya a rana guda. Mutum ya ci bashin Naira 100,000 na wata ɗaya, ruwa kashi 5, kuɗin ɗawainiya kashi 5. Abin da ya shigo hannunsa 95,000 ne, abin da zai mayar 105,000. Bambancin, wato 10,000, shi ne farashin da ya biya don ya riƙe 95,000 na kwana talatin. Idan aka raba 10,000 da 95,000 za a sami kashi 10.5 cikin 100. Ƙa'idar ke nan a taƙaice: a haɗa duk abin da za a mayar, a debe abin da ya shigo hannu, sannan a auna ragowar da abin da ya shigo hannu. Adadin da aka rubuta a saman takarda ba ya cikin wannan lissafi, domin mai karɓa bai sayi ko yadi ɗaya da kuɗin da ba a ba shi ba.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne cewa nauyin kuɗin ɗawainiya ya dogara ne da tsawon wa'adin rancen. Kuɗin ruwa yana tafiya da lokaci: wanda ya riƙe kuɗi wata ɗaya zai biya na wata ɗaya, wanda ya riƙe shekara zai biya na shekara. Kuɗin ɗawainiya kuwa ba ruwansa da kalanda, sau ɗaya ake cire shi, ko rancen na mako ne ko na shekara biyar. Idan waccan Naira 100,000 ta shekara guda ce a kan ruwa kashi 30, mutum zai karɓi 95,000 ya mayar da 130,000, ainihin tsadar ta zama kashi 36.8. Kuɗin ɗawainiya ya ƙara kusan maki 7 ke nan a shekara. A rancen wata ɗaya kuwa, kashi 5 a wata daidai yake da kashi 60 a shekara, amma kashi 10.5 a wata ya haura kashi 126 a shekara. Kashi 5 ɗin nan dai, wanda ya ƙara maki 7 a dogon rance, ya ninka tsadar gajeren rance har da ɗoriya.

Wannan ne ya sa dabarar ta fi kasuwa a wajen manhajojin ba da rance na waya, waɗanda wa'adinsu kan zama mako ɗaya ko biyu. A ce manhaja ta yi tallar rancen Naira 20,000 na kwana 14, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu kuɗin ruwa, sai kuɗin hidima kashi 15 kawai. Abin da zai faɗo asusu 17,000 ne, abin da za a nema bayan mako biyu 20,000. Naira 3,000 a kan 17,000 ta kama kashi 17.6 a kwana 14. Shekara tana da irin waɗannan makonni bibbiyu har 26, don haka a ma'aunin shekara wannan rance da aka ce ba shi da ruwa ya kai kusan kashi 460 cikin 100. Wani zai ce ai ba wanda zai riƙe rancen kwana 14 har shekara. Gaskiya ne, amma ma'aunin shekara kamar mudu ne a kasuwar hatsi. Wanda zai sayi rabin mudu ma yana bukatar sanin kuɗin mudu, in ba haka ba ba zai iya gwada farashin wannan rumfa da na waccan ba. Sannan da yawa daga masu cin irin wannan bashi sukan sabunta shi da zarar wa'adi ya cika, kuma kowace sabuntawa da sabon kuɗin hidimarta.

A koma ga mai atamfa, domin nasa lissafin ya fi waɗannan sarƙaƙiya, kuma shi ne irin wanda ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata suka fi cin karo da shi. Ruwan kashi 3 a wata a kan 200,000 ya kama Naira 6,000. A wata 6 ya zama 36,000. Jimillar abin da zai biya 236,000 ke nan, an raba gida shida, kowane wata Naira 39,333. Idan aka haɗa ruwan da dubu goman da aka cire, rancen ya ci masa 46,000.

Akwai tarko a nan tun kafin a zo kan kuɗin ɗawainiya. Ana lissafa masa Naira 6,000 a kowane wata kamar dai dukan 200,000 suna hannunsa har ƙarshe, alhali tun wata na farko ya fara mayar da uwar kuɗin. A wata na shida abin da ya rage a kansa na uwar kuɗi bai wuce 33,333 ba, amma ruwan yana nan a 6,000, wanda a kan wannan ragowa ya kai kashi 18. Wannan shi ne ruwan da ake ɗorawa a kan asalin adadi, saɓanin wanda ake lissafawa a kan abin da ya rage, wanda yake raguwa yayin da bashi ke raguwa. Da a ce ba a cire masa komai ba, ya karɓi 200,000 cikakku, ainihin ruwan da yake biya zai kasance kusan kashi 4.9 a wata. Da aka cire dubu goma, ya tashi zuwa kusan kashi 6.6.

Ta yaya ake samo wannan adadi? Tambayar da ake yi ita ce: wane kaso ne, idan aka ɗora shi kowane wata a kan abin da ya rage daga 190,000, biyan 39,333 sau shida zai share bashin daidai, ba ragi ba ƙari? Amsar ita ce kashi 6.57. A gwada wata na farko: kashi 6.57 na 190,000 ya kama 12,483, bashin ya zama 202,483, a debe 39,333, saura 163,150. A maimaita haka a kan ragowar har sau shida, za a ƙare a kusan sifili. Ba sai mutum ya zauna yana gwaji da hannu ba, domin manhajojin lissafi irin su Excel da Google Sheets, waɗanda ake iya buɗewa a waya, suna da umarni guda da ke yin aikin:

```
=RATE(6,-39333,190000)
```

Lamba ta farko yawan biya ce, ta biyu abin da ake biya kowane karo, da alamar debewa domin fita yake yi, ta uku kuwa abin da ya shigo hannu. Amsar za ta fito 0.0657, wato kashi 6.57 a wata. A ninka da 12, a sami kusan kashi 79 a shekara. Wannan ne adadin da takardun rance ke kira APR. Mai atamfa ya shiga ofishin yana tunanin kashi 36 a shekara, ya fito da bashin da ya ninka haka ya kuma wuce.

Wanda ba shi da irin wannan manhaja yana iya kusantar amsar da biro da takarda. Tun da ana biya kaɗan-kaɗan, abin da yake hannun mai karɓa a matsakaici ya ɗan fi rabin abin da ya karɓa. A rancen biya shida, matsakaicin kashi 7 ne cikin 12, wato kusan 110,800 daga 190,000. A raba 46,000 da 110,800, a sami kashi 41.5 a wata shida, kusan kashi 6.9 a wata. Ya ɗan zarce ainihin amsar, amma ya isa ya nuna wa mutum cewa yana kusa da bakwai, ya yi nisa da uku.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa ne a lokacin zaɓi. A ce wani mai ba da rancen ya yi wa ɗan kasuwar tayin kashi 5.5 a wata a kan abin da ya rage, babu cire komai. A kunne, 5.5 ya kusa ninka 3, kuma mutane da yawa ba za su tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Amma idan ya karɓi 190,000 a wannan sharaɗi, biyansa na wata zai zama kusan 38,034, jimilla 228,204, tsadar rancen 38,204. Kuɗin da suka shigo hannu iri ɗaya ne, wa'adi iri ɗaya, amma tayin da ya fi tsoratarwa a baki ya fi araha da kusan Naira 7,800. Haka kuma lissafin ne zai gaya masa ko cin bashin ma yana da amfani. Idan jarin da ya zuba a atamfa yana kawo masa ribar kashi 5 a wata bayan ya cire kuɗin rumfa da na yaran shago, rancen kashi 3 zai bar masa ɗan abu, amma na kashi 6.6 yana cin uwar jarinsa ne a hankali, ko da kuwa kasuwa tana tafiya.

Akwai kuma matsalar giɓi. Dilar da yake son saye 200,000 ce, dillali kuwa ba zai karɓi 190,000 ba. Idan yana son 200,000 ta shigo hannunsa cif, sai ya nemi rancen 210,526, a cire 10,526, a kuma lissafa ruwa a kan babban adadin, ya kama kusan 37,895. Biyan wata ya koma kusan 41,404. Wasu kuwa ba sa lura da giɓin sai kuɗi sun shigo, sai su nemi cikon a wata manhaja mai wa'adin mako biyu, su haɗa wa kansu bashi biyu a kan kaya ɗaya.

Kuɗin ɗawainiya ba shi kaɗai ake cirewa a gaba ba. Akwai kuɗin fom, kuɗin inshora, da harajin VAT, wanda a Najeriya ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, ana kuma ɗora shi a kan kuɗin hidima. Sunayen sun bambanta, amma a lissafi hukuncinsu ɗaya ne: duk abin da ya zama sharaɗin samun rancen, a debe shi daga abin da ya shigo hannu. Mafi wuyar ganewa shi ne ajiyar dole, wadda wasu ƙananan cibiyoyin ba da rance ke bukata. Sukan ce mai karɓa ya bar wani kaso a asusunsa, ba zai taɓa ba sai ya gama biya. Da yake za a mayar masa, sai ya ga kamar bai yi asarar komai ba. Idan aka riƙe wa mai atamfa kashi 10, wato 20,000, abin da zai yi kasuwanci da shi ya koma 170,000, yana kuma biyan ruwa a kan kuɗin da ke kwance a hannun wanda ya ba shi bashin. Ko da an mayar masa da dubu ashirin ɗin a ƙarshen wata na shida, ainihin ruwan ya hau zuwa kusan kashi 7.8 a wata, kimanin kashi 94 a shekara.

Biya da wuri ma ba ya ceto. Kuɗin da aka cire a gaba galibi ba a mayar da su. Idan kasuwar Sallah ta yi kyau, ɗan kasuwar ya biya duka bayan wata ɗaya, aka kuma yi masa adalci aka karɓi ruwan wata ɗaya kawai, zai ba da 206,000 a kan 190,000 da ya karɓa, wato kashi 8.4 a wata guda. A Naira ya rage asara, amma a ma'aunin kaso rancen ya ƙara tsada, domin dubu goman da za ta bazu a wata shida ta taru a wata ɗaya.

Masu ba da rance suna da hujjarsu, kuma ba duka ba ce ta banza. Kafin a ba da kuɗi akwai aiki: ma'aikaci zai je ya ga shago, a tantance mai tsayawa, a biya a duba tarihin bashin mutum a cibiyoyin da ke ajiye irin wannan bayani, kamar CRC da FirstCentral. Wannan ɗawainiya kusan ɗaya ce ko rancen dubu hamsin ne ko na miliyan biyar, shi ya sa ƙananan rance suka fi tsada a ko'ina cikin duniya. Sai dai wannan hujja tana bayyana dalilin karɓar kuɗin ne kawai. Ba ta bayyana dalilin da zai sa a yi talla da kashi 3 a ɓoye kashi 5 a shafi na biyu ba. Cirewa a gaba tana da wasu fa'idodi ga mai bayarwa: kuɗin sun shiga hannunsa ko da mai karɓa ya gaza biya daga baya, abin da ya fitar ya ragu, kuma adadin da ke kan allon talla ya yi ƙasa da na abokan gasa.

Hukumomi sun daɗe da sanin wannan. A Amurka, dokar bayyana gaskiyar rance ta 1968 ta tilasta a nuna wa mai karɓa tsadar rance a ma'aunin shekara, kuma ana debe kuɗaɗen da aka karɓa a gaba daga adadin da ake cewa an ba shi. A Najeriya, kundin cajin bankuna na Babban Bankin Najeriya wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ya ƙayyade wa bankunan kasuwanci kuɗin tantancewa da sarrafa sabon rance kada ya wuce kashi 1 cikin 100, kuma sau ɗaya. Da mai atamfa ya sami wannan, da 2,000 za a cire masa maimakon 10,000. Wanda banki ya caje shi fiye da ƙa'ida yana iya kai ƙorafi ga bankin, in bai gamsu ba ya wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Matsalar ita ce da yawa daga masu ba da rance ta waya ba bankuna ba ne, wasunsu da lasisin jiha suke aiki. Su ne hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fito wa da tsarin rajista a 2022, bayan koke-koke sun yi yawa a kan tsadar rancensu da yadda suke tozarta waɗanda suka makara. Kamfanin Google ma ya shar'anta wa irin waɗannan manhajoji su rubuta mafi girman APR ɗinsu a shafinsu na Play Store, ya kuma hana waɗanda ke neman a biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka.

A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da Sefa, an bi ta wata hanyar. Doka ta sa iyakar da tsadar rance ba za ta wuce ba, wadda a 2014 aka tsayar a kashi 15 a shekara ga bankuna da kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin rance. Abin lura shi ne ana auna iyakar da ma'aunin da suke kira TEG, wanda ya haɗa kuɗin ruwa da kuɗin takarda da sauran caje-caje. Da a kan ruwa kaɗai aka sa iyakar, da mai ba da rance a Maraɗi ko Damagaram zai iya rage ruwan ya kwashe bambancin da sunan ɗawainiya.

Malaman fiƙihu ma sun kalli wannan ƙofa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa ya halatta a karɓi kuɗin hidima a kan rance muddin bai wuce ainihin abin da aka kashe wajen hidimar ba, abin da ya ƙaru a kan haka kuwa ya shiga kuɗin ruwan da aka haramta. Wannan ya shafi duk wanda yake gudun ruwa, ya ga tallar da ta ce babu ruwa, hankalinsa ya kwanta. Alama ɗaya da ake dubawa ita ce ko cajin yana hawa daidai da girman rancen ko tsawon wa'adinsa, alhali aikin cike takarda bai canza ba.

Kafin mai atamfa ya sa hannu a karo na gaba, lambobi huɗu yake bukata, kuma ya fi kyau a rubuta masa su: nawa ne zai shigo asusunsa bayan an cire komai, nawa zai biya a kowane karo, sau nawa, kuma nawa za a mayar masa a ƙarshe idan akwai ajiyar dole. Ya kuma tambaya ko ruwan a kan asalin adadi ne ko a kan ragowa, da abin da zai faru da cajin idan ya biya da wuri. A nasa rancen amsoshin su ne 190,000, da 39,333, da sau 6, babu abin mayarwa. Da waɗannan a hannu, lissafin da zai nuna masa kashi 6.57 ba zai ɗauke shi minti biyu a waya ba, kuma yana iya yin sa yana zaune a gaban ma'aikacin, fom ɗin yana kan tebur.